Kashi 20 ko Ragin 30? Fara Gaya Mini Nawa Kika Saro

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina sayar da jakunkuna da takalma na mata. Ƙaramar jakar hannu 50 nake sayarwa, takalmi 150, babbar jaka 400. Lokacin bukukuwa ya matso, ina so in yi rangwame na mako guda a kan kayan shagon duka. Ƙanena ya ce in rubuta "ragin 20%" don shi ya fi ɗaukar ido, ni kuma zuciyata ta fi kwanciya da "ragin 30 a kowane kaya". Na lissafa a kan takalmi na ga duk ɗaya ne. Wanne zai fi jawo masu saye? Burina in ninka cinikin bara sau biyu.

Amsa: Malama, na karanta wasiƙarki sau biyu ina neman abu guda, ban same shi ba. Kin ba ni farashi uku, kin ba ni ra'ayin ƙanenki, kin ba ni burinki, amma ba ki faɗi nawa kika saro ko ɗaya daga cikin kayan nan ba. Zargina shi ne ba mantuwa ba ce, ba a rubuce yake ba. Wannan shi ne ciwon, maganar wane rubutu ya fi ɗaukar ido kuwa sai daga baya.

Kin ce duk ɗaya ne. A kan takalmin 150 kaɗai suke ɗaya, domin kashi 20 na 150 shi ne 30. Da kin matsa daga wannan farashin, sama ko ƙasa, sun rabu, kowanne ya kama hanyarsa. Ragin kashi yana girma tare da farashi, don haka kayanki masu tsada yake ci. Ragin yankakken kuɗi tsaye yake wuri guda, don haka ƙananan kaya yake dannewa. Ba kalmomi biyu kike zaɓa ba, rangwame biyu ne daban, kuma kowanne da wurin da zai cije ki.

Tunda ba ki ba ni kuɗin sari ba, bari in ƙiyasta da irin abin da na saba gani, ke kuma ki cire nawa ki sa naki. A ce ƙaramar jaka ta tsaya miki 30, har da kuɗin ɗauko ta da ledar da kike saka ta. Ribarki 20. Takalmi ya tsaya 110, riba 40. Babbar jaka ta tsaya 340, riba 60. Ki lura da ita babbar: ita ta fi kawo kuɗi a hannu, amma ribarta kashi 15 ne kacal na farashinta. Haka manyan kaya suke yawanci, domin mai saye yana zagaya shaguna kafin ya fitar da kuɗi mai nauyi, dole ki saukar da kai.

To, ga shawarar ƙanenki. Kashi 20 a ƙaramar jaka 10 ne, saura miki 10. A takalmi 30 ne, saura 10. A babbar jaka 80 ne, za ki sayar 320 abin da kika saro 340. Kowace jaka ta fita ƙofa, kin bi ta da 20 daga uwar kuɗi. Ga kuma taki shawarar: babbar jaka ta tsira da ribar 30, takalmi yana nan a 10, amma ƙaramar jakar da ta tsaya miki 30 za ki miƙa ta a 20. Shi ya kashe babba, ke kin kashe ƙarama, kuma ba wanda ya lura a cikinku saboda ku biyun takalmi kuke kallo.

Abin da ke ruɗa 'yan kasuwa shi ne ana cire ragi daga farashi, amma daga riba ake biyansa. Wanda ya sayar miki da sari bai rage miki komai ba. Kashi 20 a takalmi ba ɗaya bisa biyar na ribarki ya tafi da shi ba, uku bisa huɗu ya kwashe. Saboda haka batun ninka cinikin bara, ki ajiye shi gefe. Idan bara kin sayar da takalmi 50 kin samu 2,000, bana ki sayar da 100 a ribar 10, kin samu 1,000. Kin ninka wahala, kin raba riba biyu. Sai kin sayar da 200 kafin ki koma inda kike bara. Kina da takalmi 200 a ajiye? Kina da masu saye 200 a mako guda? Ban ga alama ba.

Na taɓa zama da wani ɗan kasuwa mai irin kayanki wanda ya manna takardar kashi 25 a kan komai. Kwana na uku ya kira ni yana ta murna, wai wani mutum ya zo da safe ya kwashi manyan jakunkuna 12, bai taya ba, bai ma buɗe zif ya duba ciki ba, kuma ya tambaya ko akwai saura a sito. Na ce masa ya ɗauko rasitin sari kafin mu ci gaba da magana. Na ji yana ta buɗe durowa, sannan ya yi shiru. Mutumin nan ba mai sayen biki ba ne, ɗan kasuwa ne ɗan'uwansa da ya gano cewa a nan ya fi arha a kan wurin dila. Duk ranar da kika ga mutum guda yana ɗiban kayanki mafi tsada da yawa babu ciniki, ki cire takardar nan take ki koma lissafi, kin sauka ƙasa da sari.

Yanzu sai maganar ɗaukar ido, wadda kika zo da ita. Akwai ƙa'ida da wani malamin tallace-tallace a makarantar Wharton ta Amurka, Jonah Berger, ya yaɗa a 2013, ana ce mata ƙa'idar 100. Tushenta lissafi ne mai sauƙi: a farashin 100 daidai, kashi 20 da ragin 20 lamba ɗaya ce. Ƙasa da 100, lambar kashi ta fi girma. Sama da 100, lambar kuɗi ta fi girma. Mai wucewa ba ya tsayawa ya yi lissafi, lambar da ta fi girma ita ke shiga idonsa. A ƙaramar jakarki, "20%" ya fi "ragin 10" kwarjini. A babbar jaka, "ragin 30" ya fi "7.5%" nesa ba kusa ba, alhali abu ɗaya ne.

Sai dai kada ki ɗauki ƙa'idar nan kamar wahayi. Da dala aka tsara ta, kuma a kuɗin da kusan komai farashinsa ke da sifili uku, lambar kuɗi kullum ita za ta fi girma, mai saye kuwa ba wawa ba ne, yana auna ragin da farashin da ke gefensa. Abin da nake riƙewa daga cikinta shi ne: idan kashin yana da girman da za ki faɗa da ƙarfi, ki rubuta kashi. Idan kashin zai ba ki kunya amma kuɗin yana da auki a hannu, ki rubuta kuɗi. Kuma ƙa'idar tana gaya miki yadda za ki rubuta ragin da kika riga kika yanke ne, ba ta gaya miki nawa za ki iya ragewa ba. Wannan littafinki ne kaɗai zai faɗa.

Da ni ne a shagonki, da lambobin da na ƙiyasta, ba zan sa takarda ɗaya a kan komai ba. Zan rubuta "ragin 30 ga wanda ya sayi kayan 200 zuwa sama". Dubi abin da wannan ke yi. Mace ta shigo don takalmin 150, ta ga saura 50 ta kai, ga ƙaramar jaka a gabanta 50 daidai. Ta ɗauki biyun, ta biya 170. Ribar kayan biyu 60, cire 30, saura miki 30, ninki uku na abin da za ki samu da kin rage mata a takalmi shi kaɗai. Ita kuma a ranta jakar 50 ta samu a 20. Babbar jaka tana shiga ragin ta bar miki 30. Kuma kin san iyakar abin da zai fita: kashi 15 a sayayyar 200, daga nan sai raguwa. Iyakar sayayyar nan ta 200 kuwa, ki ɗora ta sama kaɗan da abin da mutum guda ya saba kashewa a wurinki. Idan kika sa ta ƙasa da haka, kina ba da kyauta ne ga waɗanda dama za su saya.

Ragin kashi ki ajiye shi don kayan da suka yi kwantai da ƙananan da ke da riba mai kauri, a tebur ɗaya, da takardarsa daban. In kuwa dole sai kin yi wa ƙanenki kara kin sa kashi a ko'ina, ki yi masa rufi: "20%, iyakar ragi 30". Rubutun ya ɗan rage armashi, amma babbar jaka ta tsira. Ki rubuta sharaɗin da girman da za a gani, kada sai an zo biya a fara gardama. Kada kuma ki ƙara farashi daren jajibiri don ki rage da safe. Tsofaffin kwastomominki sun san farashin jiya, a ƙasashe da dama ma doka ta hana.

Abu ɗaya da ragin mai sharaɗi ke jawowa, wanda ba a tunawa sai ya faru: mayar da kaya. Waccan da ta biya 170, idan ta dawo da ƙaramar jaka bayan biki kika ba ta 50, ta samu takalmi a 120 ba tare da ta cika sharaɗi ba. Abin da ya kamata ki mayar mata 20 ne, domin takalmi shi kaɗai 150 yake. Ki rubuta wannan a rasit tun farko. Haka nan ki yanke tun yanzu cewa ragin tebur da ragin 30 ba sa haɗuwa a kaya ɗaya, ki gaya wa duk mai tsaya miki a shago, har da ƙanen naki.

Yau da daddare ki ɗauko rasitan sari, ki ja layi huɗu a takarda: sunan kaya, nawa ya tsaya miki, nawa kike sayarwa, nawa zai saura bayan ragi. Duk kayan da layi na huɗu ya nuna sifili ko ƙasa, ki fitar da shi daga rangwamen. Idan kin nemi rasitan ba ki same su ba, ki kira dilanki gobe da safe, kuma kada mai buga takarda ya ga ko sisinki kafin nan.