Hirarrakin da na ɗauka: in mayar da su MP3 ko in bar su a WAV?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da hirarraki da na yi da dattawa, kamar awa 40 da rikoda na ɗauka sun fito a WAV (48 kHz, 24 bit, sitiriyo), wasu kamar awa 20 kuma da waya, sun fito a m4a. Wani ya ce in mayar da duka MP3 don sun cika min kwamfuta, wani kuma ya ce a'a duka in mayar WAV. So nake su daɗe, ko bayan shekara 30 a iya amfani da su. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kar ki bi ko ɗaya daga cikinsu gaba ɗaya. Na rikoda ki bar su a WAV ko ki matse su zuwa FLAC, na waya kuma ki bar su a m4a ɗinsu yadda suka fito kar ki taɓa. MP3 kwafin sauraro ne da turawa mutane, ba shi ne ake ajiyewa a matsayin uwar fayil ba.

Matsi iri biyu ne. FLAC kamar ninke zane ne a sa a akwati, duk ranar da kika warware shi zanenki ne cif, ko zare ɗaya bai ɓata ba. MP3 da AAC, wato abin da yawanci yake cikin m4a, da Opus na saƙon murya, su almakashi suke sa wa zanen su yanke inda suke ganin ido ba zai lura ba. Kuma fa ba da ka suke yankan ba, akwai ilimi a ciki: in sauti mai ƙarfi ya zo tare da ƙaramin sauti da ke kusa da shi, kunne ba ya jin ƙaramin, to sai manhajar ta rage masa daidaito ko ta jefar da shi. Shi ya sa in kika saka MP3 mai 128 kbps kika saurara za ki ce ai babu wani bambanci, kuma gaskiyarki, a sauraro na yau da kullum da wuya ki ji.

Matsalar tana fitowa ne ranar da aka zo yi wa sautin aiki, kuma hira da tsofaffi kusan kullum sai an yi mata aiki. Tsoho yana magana ƙasa-ƙasa, ga fanka tana juyawa, ga wani can nesa da makirfo ya sa baki ya faɗi sunan da kowa ya manta. Wanda zai zo bayan shekara 20 zai ɗaga ƙarar wannan wurin, ya cire hayaniyar fankar, ya gyara muryar, to abin da manhajar MP3 ta ɓoye a ƙarƙashin ƙarar fanka shi ne zai fito fili yanzu tunda an ɗauke abin da ya rufe shi. Sai ki ji murya na rawa kamar ana magana a cikin ruwa, haruffa irin s da sh da ts suna wani ƙyal-ƙyal, ƙarshen kalmomi na narkewa. In mai binciken harshe ne da yake auna sautin baƙaƙe da wasula to shi kam an riga an cuce shi, don abin da zai auna an taɓa shi tun farko. Sannan duk lokacin da aka buɗe MP3 aka yanke wani wuri aka sake fitar da shi a MP3, sabon yanka ne a kan tsohon yanka, haka zai yi ta lalacewa, alhali WAV da FLAC ko sau ɗari kika juya wannan zuwa wancan lambobin ciki ba sa canzawa.

Bari mu yi lissafin naki, don ina ganin tsoron cikar wuri ya fi matsalar kanta girma. 48,000 sau 24 bit sau layi 2, a raba da 8, ya ba da bayit 288,000 a daƙiƙa, wato kusan 1.04 GB a awa. Awa 40 ɗinki kenan kamar 41.5 GB. In kika mayar FLAC yawanci yakan sauko wajen rabi ko sama da haka kaɗan, ya danganta da hayaniyar wurin, don shuuu ɗin bayan fage ba ya matsuwa sosai, ki ce 20 zuwa 25 GB. MP3 mai 128 kbps kuma 57.6 MB ne a awa, duka awa 40 ɗin 2.3 GB. Eh bambancin da yawa, amma faifan ajiya mai 1 TB zai ɗauki WAV ɗin nan naki sau fiye da 20, kin ga wurin da kike son tsirarwa bai kai ko kashi 5 cikin ɗari na faifai ɗaya ba. Sararin kwamfutar ne ya yi kaɗan, maganinsa faifan waje, dama bai kamata uwar fayil ta zauna a kan kwamfutar da ake yawo da ita kaɗai ba.

Tsakanin WAV da FLAC kuma sautin iri ɗaya ne, abin da ya raba su daban ne. Ma'adanai, wato cibiyoyin adana kayan tarihi, sun fi sabawa da WAV, musamman nau'insa da ake kira BWF wanda ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, EBU, ta fitar a 1997, shi WAV ne da aka ƙara masa wurin rubuta bayani a ciki, kwanan wata, lokaci, wanda ya ɗauka. Ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya IASA shi take ba da shawara, kuma mafi ƙarancin da ta sa shi ne 48 kHz da 24 bit, wato daidai abin da rikodarki ta ba ki, ba ki da abin gyarawa. WAV bai da wani sirri a gininsa, lambobi ne a jere, in wani ɗan wuri ya lalace a faifai sau da yawa ƙas ɗaya za ki ji sauran ya ci gaba. Aibinsa shi ne ba zai taɓa gaya miki ya lalace ba. FLAC shi kuma yana ɗauke da hatimin MD5 na asalin sautin a cikinsa, wato wata lamba da ke nuna ko wani abu ya canza, ko bayan shekara 10 za ki iya tambayarsa ko lafiya yake ya ba ki amsa, kuma buɗaɗɗen tsari ne, an ma rubuta ƙa'idarsa a hukumance a RFC 9639 a 2024. Ni dai a ganina, in kina da niyyar miƙa hirarrakin ga wata ma'adana to ki bar WAV don shi za su fi karɓa ba gardama, in a hannunki za su zauna kuma ke kaɗai ce mai duba su, FLAC ya fi miki sauƙi saboda wannan gwajin.

Ga yadda ake yi da manhajar flac in FLAC ɗin kika zaɓa:

```
flac -8 --verify --keep-foreign-metadata hira01.wav
flac -t hira01.flac
```

Layin farko yana matsewa yana kuma warwarewa a lokaci guda yana gwada su ya tabbatar sun yi daidai. Wannan `--keep-foreign-metadata` kar ki bar shi, in babu shi bayanan da rikoda ta rubuta a cikin WAV ɗin kamar ranar ɗauka da lokaci za su zube, sautin ya tsira amma shaidarsa ta tafi, kuma ranar da za ki dawo da shi WAV da `flac -d` sai ki sake sa `--keep-foreign-metadata` ɗin. Layi na biyu shi ne gwajin, in ya rubuta `ok` lafiya, in ya kawo kuskure sai ki ɗauko kwafin da ke ɗaya faifan ki maye gurbinsa, wanda ke nufin dole akwai ɗaya faifan, ajiye a wani wuri daban. Kar ki goge WAV ko ɗaya sai FLAC ɗin ya ci gwaji a wurare biyu. In kuma WAV kika bari, sai ki yi masa hatimin da kanki da `sha256sum` ki ajiye sakamakon kusa da fayilolin, kina sake gwadawa kamar sau ɗaya a shekara.

Akwai wani rami da mutane ke faɗawa ba su sani ba. In kika ce wa ffmpeg, manhajar juya fayilolin sauti, ya mayar da FLAC zuwa WAV ba ki faɗa masa komai ba, 16 bit zai fitar miki, shiru, ba gargaɗi a fili, kin yi asarar bit 8 alhali duka biyun tsari ne marar asara. Sai kin ƙara `-c:a pcm_s24le`. Alamar ganewa girman fayil, awa ɗaya da ya kamata ya kai 1.04 GB sai ki gan shi wajen 690 MB. Haka ma in rikodarki tana da zaɓin 32-bit float kuma akwai hirar da kika ɗauka da shi, wannan ki bar ta a WAV kawai, FLAC ba ya ɗaukar irin waɗannan lambobin sai an sauya su tukuna.

Sai na waya, inda mai shawara na biyu ya kuskure. An riga an yi yankan tun lokacin da wayar take ɗauka, mayar da m4a zuwa WAV ba zai dawo da komai ba, fayil ɗin ne kawai zai kumbura ya ninka sau da yawa da sauti iri ɗaya, kuma abin da ya fi damuna, wanda zai gaje su zai ga WAV ya ɗauka asali ne mai cikakken inganci. Mayar da shi MP3 kuma ya fi muni, yanka biyu kenan da almakashi iri biyu. Wannan m4a ɗin shi ne asalinki, ki kwafo shi daga wayar da kebul ko ki ɗora shi a matsayin fayil yadda yake, kar ki bi ta hanyar da manhajar hira za ta iya sake matse shi. In za ki yi masa gyara sai ki warware kwafi zuwa WAV ki yi aikin a can, ki sa a sunan fayil ɗin cewa daga m4a ya fito, asalin kuma yana gefe. Wasu ma'adanai suna yin irin wannan kwafin WAV ɗin don gudun ranar da za a rasa manhajar buɗe tsohon tsari, hakan babu laifi in dai an haɗa da asalin an rubuta, amma AAC da MP3 sun yaɗu sosai kuma akwai buɗaɗɗun manhajoji masu karanta su, ba abin gaggawa ba ne.

In wani ya ba ki WAV kina shakkar asalinsa, ki buɗe shi a manhajar Audacity ki koma kallon Spectrogram, wato hoton da ke nuna sautin daga kauri zuwa siriri, ko ki sa shi a manhajar Spek. Wanda ya taɓa zama MP3 mai 128 kbps sau da yawa za ki ga an datse samansa a miƙe wajen 16 kHz kamar da rula, sama da nan baƙi ƙirin, na asali kuwa ko hayaniyar ɗaki ce za ki ga ta haura har sama. Ba hujja ce yankakkiya ba don wasu wayoyin da makirfo suna datse sama da kansu, amma ta isa ta sa ki tambayi mai fayil ɗin inda ya samo shi.

In da sauran hirarrakin da ba ki yi ba kuma dole da waya za ki ɗauka, ki leƙa saitin manhajar ɗaukar, da yawa suna da zaɓin WAV ko Lossless, ki kunna shi kafin ki zauna da tsohon, ki kuma duba wayar tana da sarari, mono a 48 kHz da 16 bit yana cin kamar 346 MB a awa.