Umarar goman ƙarshe da biya kaɗan-kaɗan: me zan tambayi kamfani kafin in ba da kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Alhaji. Na ga tallan wani kamfanin jirgin yawo na Umarar azumi. Sun ce tashi daga Kano ranar 19 ga Ramadan, dawowa bayan Sallah, kujera naira miliyan 4 da dubu 800. Za a ba da dubu 800 na kafin alƙalami, sauran kuma dubu 800 duk wata har wata biyar. A ƙasa sun rubuta da ƙananan haruffa cewa farashi na iya canzawa. Mahaifiyata nake so in biya wa. In shiga, ko da abin da ban gani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya saka miki da alheri, Ya kai Mama lafiya.

Waɗancan ƙananan haruffan su ne ainihin yarjejeniyar, don haka daga nan zan fara. Kamfani naira yake karɓa a hannunki, amma kusan duk abin da zai saya wa Mama ba da naira ake sayensa ba. Biza da masauki da motar da za ta ɗauke ta tsakanin Jidda da Makka da Madina duk da riyal ake biya, riyal kuma a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a kan dala ɗaya. Tikitin jirgi ma ƙasansa dala ce, ko da an karɓi naira. To ke kina zuba naira wata shida, kayan da kike saye kuma farashinsu na tafiya da canji. Tambayar farko da za ki yi wa kamfanin ita ce: kuɗin da nake kawowa duk wata, kuna canza shi nan take ku rubuta min a dala, ko kuna ajiye shi a naira sai tafiya ta matso?

Bari mu yi lissafi da alƙalumanki. A ƙaddara ranar da suka yanke farashi dala tana naira 1,500. Kujerar miliyan 4 da dubu 800 ta zama dala 3,200 ke nan. Kin biya sau uku, miliyan 2 da dubu 400, sai dala ta tashi zuwa 1,800. Idan kamfanin yana canza kuɗinki duk lokacin da kika kawo, kin riga kin mallaki dala 1,600, saura 1,600, wanda a sabon canji ya kama miliyan 2 da dubu 880. Ƙarin da ya hau kanki dubu 480 ne. Idan kuwa ajiye nairar suka yi, ranar sayayya za su lissafa dala 3,200 gaba ɗaya a kan 1,800, kujera ta koma miliyan 5 da dubu 760, su ce ki ciko dubu 960. Talla iri ɗaya, biya iri ɗaya, amma ciko ya ninka saboda abin da ya faru da kuɗinki a cikin ofis, inda ba ki gani.

Kada ki ɗauka wannan tsoratarwa ce kawai. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da take ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. A watan Maris na shekarar hukumar NAHCON da kanta ta nemi maniyyatan da suka riga suka biya kusan miliyan 4 da dubu 900 su ciko sama da miliyan 1 da dubu 900. Idan hukumar alhazai ta ƙasa ba ta tsira daga canji ba, kamfani mai ofis ɗaya ba zai tsira ba. Shi ya sa ban ga laifin kamfanin da ya ce farashi na iya canzawa ba. Wanda nake shakka shi ne mai rantsuwa cewa ko dala ta kai ina ba zai ƙara sisi ba, domin ko dai ya cusa ƙarin tun farko, ko kuma ranar tafiya ya rage daga masauki ba tare da ya gaya miki ba. Abin da za ki nema shi ne a fayyace canjin a rubuce: a kan wane farashin dala aka yanke kujera, kuma abin da kika riga kika biya ba za a sake lissafa shi ba. A ƙara da cewa idan dala ta sauka, ke ma a sauke miki. Da yawa ba sa son wannan layin na ƙarshe, kuma yadda mutum ya karɓi maganar zai nuna miki halinsa.

Sai ranakun. Jirgi bai san 19 ga Ramadan ba, kwanan watan boko ya sani. Farkon azumi kuwa sai an ga wata, kuma a wasu shekarun Najeriya da Saudiyya kan saɓa da kwana ɗaya. Goman ƙarshe na farawa ne da faɗuwar ranar 20 ga wata a lissafin Makka, wato daren 21. Wanda ya tashi ranar 19 bai da sarari sosai: jirgi ya yi jinkirin kwana ɗaya, ko a ce ta Addis Ababa ko Alƙahira za a bi a yi doguwar jira, shi ke nan daren farko ya wuce Mama tana filin jirgi. Ki nemi a rubuta miki ranar tashi da ta dawowa a kwanan boko, da sunan jirgin, da kuma ko kai tsaye ne ko sai an yada zango. "Bayan Sallah" kuma ba rana ba ce. Akwai bambanci tsakanin kwana biyu da kwana tara, musamman ga dattijuwa mai shan magani da ƙidaya, kuma ki tabbatar kuɗin masauki ya rufe har ranar da za a bar ɗaki.

Akwai abin da mutane ba sa tambaya sai sun isa: yadda aka raba kwanakin tsakanin Makka da Madina. Ɗaki kusa da Harami a goman ƙarshe shi ne mafi tsada a duk lokacin Umara. Wasu kamfanonin kan tsara tafiya yadda za a cinye wani kaso na kwanakin a Madina ko a kai mutane unguwa mai nisa, farashin ya yi daɗin gani a talla. Zama a Madina alheri ne, ba a musu, amma idan burin Mama shi ne daren 27 da daren saukar Alƙur'ani na 29 su same ta a Makka, to a rubuta wane dare za a kwana a ina. Haka maganar "kusa da Harami". Ki ce su ba ki sunan otal ɗin, ki sa a duba miki a taswirar waya. Ajyad da farkon Misfala ana takawa da ƙafa, Aziziyya sai da mota, kuma a waɗannan dararen ana rufe hanyoyin mota na kewayen Harami saboda cunkoso, har mai bas ya sauke mutane nesa. Ga matashi wannan motsa jiki ne. Ga tsohuwa mai azumi da ciwon gwiwa, yana nufin za ta yi tarawihi da tahajjud a ɗaki. Idan sun rubuta sunan otal sannan suka ƙara "ko makamancinsa", ki sa su faɗi iyakar nisan makamancin, da adadin mutanen da za su kwana a ɗaki ɗaya.

Yanzu ki ɗora jadawalin biyan a kan kalanda. Wata biyar bayan kafin alƙalami, biyan ƙarshe zai faɗo yaushe? Idan ya faɗo cikin Rajab ko farkon Sha'aban, tsarin ya yi ma'ana, saboda kamfani na da lokacin yanka tikiti da neman biza. Idan kuwa ya faɗo mako ɗaya ko biyu kafin tashi, to ɗaya daga cikin biyu ne: ko kamfanin yana da jarin da zai riƙe miki kujera da kuɗinsa, ko kuma bai riƙe komai ba, zai shiga kasuwa ne a lokacin da kowa ke rububin tikiti. Na taɓa ganin wani kamfani ya tara kuɗin mutane wata da watanni, ya fito neman kujerun jirgi ana saura kwana goma, ya tarar farashi ya wuce abin da ke hannunsa. Rabin mutanensa a gida suka yi Sallah da jakunkuna a ɗaure. Ba sata ya yi niyya ba, amma ga waɗanda suka biya sakamakon ɗaya ne.

Hanyar gane gaskiya ba ta da wuya. Ki ɗaure kowane biya da wani abu da za ki riƙe a hannu. Da kuɗinki ya kai rabi, ki nemi lambar ajiye kujera, wadda ake kira PNR, haruffa da lambobi shida. Da ita da sunan Mama za a shiga shafin kamfanin jirgin a ga ko akwai ta a ciki da ranar da aka faɗa. Sai dai ajiye kujera ba yanka tikiti ba ne, ajiyar da ba a biya ba tana faɗuwa da kanta idan wa'adinta ya cika. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13. Idan kujerun ayari suka kama, mai yiwuwa su ce sunaye ba su shiga ba tukuna, wannan gaskiya ne a tsarin ayari, amma sai su nuna miki takardar kamfanin jirgin mai ɗauke da adadin kujeru da rana. Ni a nawa ra'ayin, biyan ƙarshe a yi shi hannu da hannu da tikiti, ko aƙalla a rubuta kwana nawa bayansa tikiti da biza za su fito.

Kafin dubu 800 ta farko ta bar hannunki, ki duba sunan kamfanin a jerin waɗanda NAHCON ta ba lasisin Hajji da Umara, domin takardar rajistar kamfani kaɗai ba lasisin ɗaukar maniyyata ba ce. Ki je ofishin da ƙafarki. Ki tura kuɗi asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin, ba na wani ejan ba ko da ɗan unguwarku ne, ki karɓi rasit mai nuna abin da kika biya da abin da ya rage. Ki duba fasfon Mama ma, sai ya kasance da sauran wata shida aƙalla.

Abu na ƙarshe shi ne hanyar fita, wanda talla ba ta taɓa ambata. Wata shida lokaci ne mai tsawo a rayuwar dattijuwa da kuma aljihun mai biya. Idan kin makara da biyan wata ɗaya, kwana nawa za su ɗaga miki kafin su sayar da kujerar? Idan Mama ta kwanta rashin lafiya a Sha'aban, me za a mayar? Ki sani kuɗin biza idan ta fito ba ya dawowa, tikitin ayari ma sau da yawa haka, don haka kamfanin da ya ce zai cire wani abu bai zalunce ki ba. Amma a raba shi mataki-mataki a takarda: kafin a yanka tikiti nawa za a cire, bayan tikiti nawa, bayan biza nawa, kuma cikin kwana nawa za a ba ki ragowar. A kuma rubuta abin da zai faru idan gazawar daga wajensu ta zo, wato a mayar miki da kuɗinki cikakke, ba a ce an ɗage miki zuwa Umarar Maulidi ba sai idan ke kika zaɓa.

Idan sun amince sun sa hannu a kan canji, da ranaku, da sunan otal, da sharuɗɗan mayar da kuɗi, ki shiga. Idan suka ce ai amana ce ba sai an rubuta ba, ki buɗe asusu daban ki riƙa zuba dubu 800 ɗinki duk wata da kanki, in Rajab ya kama ki je da kuɗinki a dunƙule ki yi ciniki da wanda zai nuna miki tikiti.