Ƙuri'a 30 da 4, amma an ce babu kworam

"Assalamu alaikum. A ƙungiyarmu mutum 120 ne a rajista. Mun yi babban taro, mutum 43 suka sa hannu a takardar halarta. Can wajen tashi aka kaɗa ƙuri'a kan ƙarin kuɗin wata-wata, mutum 30 suka yarda, 4 suka ƙi. Yanzu wani mamba ya rubuto cewa ƙuri'ar ba ta yi ba, wai babu kworam. Tsarin mulkinmu ya ce kashi ɗaya cikin uku. Mene ne kworam ɗin nan, kuma ta yaya abin da ya samu rinjaye haka zai faɗi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na daɗe ina riƙe da alƙalamin sakatare a ƙungiyoyi da kwamitoci, kuma kafin komai zan roƙe ka kada ku ɗauki wanda ya rubuto takardar nan a matsayin ɗan tayar da zaune tsaye. Mai yiwuwa gaskiya ce da shi, mai yiwuwa kuma ba shi da ita. Lissafi ne zai raba gardamar, da kuma ainihin kalmomin da ke rubuce a tsarin mulkinku.

Kworam shi ne mafi ƙarancin adadin masu haƙƙin kaɗa ƙuri'a da dole su kasance a wurin kafin abin da aka zartar ya zama maganar ƙungiya. Idan adadin bai cika ba, abin da aka yi hira ce tsakanin wasu mambobi, ko da bakinsu ya zo ɗaya. Dalilin kuwa a fili yake: hukuncin da kuka yanke zai hau kan mutum 120 ne, har da mutum 77 da ba su zo ba. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Tun da kuma ba zai yiwu a jira sai kowa ya hallara ba, sai ƙungiya ta amince tun farko cewa idan mutum kaza suka zauna, sun wakilci saura. Kowace majalisa da nata adadin. A Majalisar Dattawan Amurka sai fiye da rabin sanatoci sun halarta, a majalisar wakilan Birtaniya kuwa mutum 40 sun wadatar cikin 650. Ku naku kashi ɗaya cikin uku ne, kuma shi ne ya ɗaure ku.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne haɗa kworam da rinjaye. Tambayoyi biyu ne daban, kuma ɗaya tana gaba da ɗaya. Ta farko: mun kai mu yanke hukunci? Ta biyu: a cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'a, ina aka fi yawa? Idan amsar ta farko a'a ce, ba a ma zuwa kan ta biyu. Shi ya sa 30 da 4 za ta iya faɗuwa, alhali 21 da 19 za ta tsaya daram, domin a can mutum 40 ne a zaune.

To mu shiga lissafinku. Kashi ɗaya cikin uku na 120 shi ne 40. Da aka buɗe taro kuna da 43, ke nan an fara zama lafiya. Amma 30 a haɗa da 4 ya ba da 34 ne kawai. Ina sauran mutum 9? Duk maganar a kansu take.

Idan suna zaune a zauren, hannu ne kawai ba su ɗaga ba, to suna cikin lissafi. Kworam yana ƙidaya wanda yake wurin ne, ba wanda ya kaɗa ƙuri'a ba, kuma wanda ya yi shiru ya halarta. Ko mutum 6 ne cikin 9 ɗin suka rage a kan kujerunsu, kun kai 40, ƙuri'arku ta yi. Amma idan sun zame ɗaya bayan ɗaya saboda taro ya yi tsawo, kamar yadda aka saba gani, to mutum 34 ne suka yanke hukuncin, 34 kuwa bai kai 40 ba. Takardar halarta ba za ta cece ku ba. Abin da take nunawa shi ne wanda ya shigo, ba ta faɗin wanda ya kai ƙarshe. A ƙa'idar da galibin ƙungiyoyi ke bi, ana buƙatar adadin ya cika a daidai lokacin da ake kaɗa ƙuri'a. Sai dai akwai tsarin mulkin da ke cewa ana duba kworam ne a lokacin buɗe zama kawai. Idan naku haka ya rubuta, to 43 ɗin nan ta wadatar. Ka ɗauko takardar ka karanta sashen da idonka, kada ka dogara da abin da wani ya ce yana tunawa.

Ko da ta tabbata mutum 9 ɗin sun tafi, da sauran magana, kuma a nan nake so ka natsu. Kashi ɗaya cikin uku na su wa? Wani tsarin mulkin yana cewa "na mambobi", wani kuma yana cewa "na mambobin da ke da haƙƙin kaɗa ƙuri'a". Tazarar da ke tsakanin jimlolin nan biyu babba ce. A ƙungiyoyi da yawa, wanda ake bin sa bashin kuɗin wata-wata na wani adadin watanni ya rasa haƙƙin ƙuri'a har sai ya biya. A ce ma'ajinku ya buɗe littafinsa ya ga mutum 18 ne ke cikin wannan hali a ranar taron. A cire 18 daga 120, saura 102. Kashi ɗaya cikin uku na 102 shi ne 34 cif, kun tsira ke nan. Amma idan masu bashin 17 ne, saura 103, kasonsa kuma ya ɗara 34 da ɗan guntu. Tun da ba a raba mutum, sai a hau sama zuwa 35, ba a sauka ƙasa. Ka ga mutum ɗaya tak ya juya hukuncin.

Sai dai wuƙar nan tana yanka ta kowane gefe. Idan kun cire masu bashi daga jimillar, dole ku cire su daga cikin waɗanda suka halarta. Idan biyu daga cikin 34 ɗin da suka ɗaga hannu suna cikin masu bashin, to 32 kuke da su. Haka baƙo, da mai wakiltar wani ba tare da tsarin mulki ya yarda da wakilci ba, duk ba sa shiga ƙidaya. Haka kuma ba a cire sunan mutum daga rajista bayan taro don lissafi ya daidaita. Rajistar da ke nan a ranar zaman ita ce hujja.

A ƙaramin kwamiti, irin na zartarwa ko na amintattu, abin ya fi tsanani saboda kowane mutum ɗaya yana da nauyi. Kwamitin mutum 9 da kworam ɗinsa fiye da rabi ne, sai da mutum 5. Idan biyar suka zauna, uku suka yarda, biyu suka ƙi, hukunci ya zartu da ƙuri'a uku kacal. Idan huɗu suka zauna duk suka yarda, bai zartu ba, duk da cewa huɗu sun fi uku. Wannan yana yi wa mutane ciwo, ni ma na sha ganin an fusata a kansa. Amma ni ina tare da ƙa'idar, domin a zaman mutum biyar ɗin an ji ta bakin masu adawa kafin a yanke, kuma fiye da rabin kwamitin ya shaida. Wani abin lura a irin wannan kwamitin shi ne, tsarin mulki da yawa yana cewa wanda yake da wata moriya ta ƙashin kansa a cikin batun, kamar a ce kwangilar ta ɗan'uwansa ce, ba ya kaɗa ƙuri'a kuma ba a ƙidaya shi a kan wannan batun. Sai ka ga mutum biyar a zaune, amma a kan magana guda ɗaya huɗu ne.

Yanzu me za ku yi? Shugaba da sakatare da ma'aji su zauna da abubuwa uku: sashen tsarin mulki, rajistar ranar, da bayanan zaman. Idan sakatare ya rubuta adadin mutanen da ke zaure lokacin ƙuri'a, magana ta ƙare. Idan bai rubuta ba, kuma babu wanda ya yi ƙorafi a nan take, a ƙa'ida ana ɗauka adadin da aka fara da shi yana nan, sai mai ƙorafi ya kawo hujja bayyananniya. Amma gaskiyar magana, gibin mutum 9 tsakanin takardar halarta da ƙuri'un da aka ƙirga ba ƙaramin dalili ba ne a hannunsa, kuma ku da kuka zauna a wurin kun san ko kujeru sun yi fayau ko ba su yi ba.

Idan akwai kokwanto, shawarata ku dakatar da karɓar ƙarin kuɗin, ku kira wani taron da cikakkiyar sanarwa, ku rubuta batun ƙarara a cikinta, ku sa shi a farkon ajanda tun mutane ba su gaji ba. Zaman da ya cika adadi yana da ikon tabbatar da abin da aka yi a baya ko ya soke shi. Ku kuma duba ko adadin kuɗin yana rubuce a cikin tsarin mulkin kansa. Idan haka ne, canza shi gyaran tsarin mulki ne, wanda galibi ke neman kashi biyu cikin uku da sanarwa ta musamman.

Abin da nake gargaɗinku a kai da babbar murya shi ne bin waɗanda suka tafi gida-gida ana karɓar sa hannunsu don a cike gurbin. Wannan ba ya gyara komai sai in tsarin mulkinku ya tanadi yanke hukunci ta rubutu, kuma ran da maganar ta fito, amanar shugabanni ce za ta zube.

A zama na gaba, da an zo kaɗa ƙuri'a a kan wani abu mai nauyi, shugaba ya tsayar da magana, a ƙirga kawuna, sakatare ya rubuta adadin da lokacin. Idan bai cika ba, abin da ya rage wa waɗanda ke wurin kaɗan ne: su ɗan dakata, su kira waɗanda suka fita a waya, su tsayar da ranar da za a dawo, ko su ɗage zaman. Wasu ƙungiyoyin sun tanadi cewa a zaman da aka ɗage saboda rashin kworam, duk waɗanda suka zo sun wadatar. Wannan yana aiki ne kawai idan a rubuce yake. Idan kuma kun lura kullum da ƙyar kuke tara mutum 40, to ku duba rajistar, domin da wuya a rasa sunayen waɗanda suka ƙaura ko suka daina zuwa shekara da shekaru. Ku bi hanyar da tsarin mulki ya shimfiɗa ku tsabtace ta, ko ku rage adadin zuwa abin da kuke iya tarawa. Shi ma wannan gyaran sai a zaman da mutum 40 ɗin suka cika, don haka ku haɗa shi da maganar kuɗin a sanarwa ɗaya.