Rariyar lambobin firam daga 1 zuwa 100: me ya sa ake tsayawa a kan 7?

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ba mu aikin fitar da lambobin firam daga 1 zuwa 100 ta hanyar rariya. Malaminmu ya ce da mun gama da 7 mu tsaya. To ina aka bar 11 da 13? Ta yaya zan tabbata ba wadda ta ɓuya?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Malaminku ya yi daidai. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma ɗalibin da ya kama dalilin tsayawar ba ya buƙatar haddace komai.

Lambar firam ita ce wadda ta fi 1, kuma babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Saboda haka tun farko ka fitar da 1, ka rubuta 2 zuwa 100 a layi goma-goma. Lambobi 99 ke nan.

Ka zagaye 2, ka soke duk abin da 2 ke rabawa: 4, 6, 8 har 100. Guda 49 sun tafi, saura 50. Lamba ta gaba da ba a soke ba ita ce 3. Ka zagaye ta, ka bi 'ya'yanta. Za ka tarar 6 ta riga ta tafi, sabon aiki daga 9 yake farawa: 9, 15, 21, 27 har 99, guda 16, saura 34. Sai 5, wadda guda shida kawai suka rage mata: 25, 35, 55, 65, 85, 95. Saura 28. Ita kuwa 7 uku rak ta samu, wato 49, 77 da 91. Abin da ya rage 25 ne cif:

2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41, 43, 47, 53, 59, 61, 67, 71, 73, 79, 83, 89, 97.

Ka lura da inda kowace ta fara sabon aiki: 3 ta fara daga 3 × 3, 5 daga 5 × 5, 7 daga 7 × 7. Ɗauki 7 ka gani. 14 ai 7 × 2 ce, 2 ta riga ta kwashe ta. 21 ta faɗa hannun 3, 35 ta faɗa hannun 5. Duk abin da ka ninka 7 da shi, in dai bai kai 7 ba, wata ƙaramar lamba ta riga ka zuwa wurin. To haka 11 ma take. 22, 33, 44, 55, 66, 77, 88, 99, dukkansu an soke su kafin a zo kanta, sabon aikinta sai 11 × 11, wato 121, alhali teburinka a 100 ya ƙare.

Ga hujjar kai tsaye. Duk lambar da ba firam ba, ninkin wasu lambobi biyu ce da suka fi 1. In duka biyun sun wuce 10, mafi ƙanƙantar abin da za su bayar 121 ne. Ke nan matuƙar lambar ba ta haura 100 ba, dole ɗayansu bai wuce 10 ba. Kuma daga 2 zuwa 10 babu lambar da 2, 3, 5 ko 7 ba ta rabawa. Shi ya sa ba a yi wa 4, 6, 8, 9 da 10 zagaye nasu: abin da 9 ke rabawa, 3 ma tana raba shi. Ita kuwa firam ba yadda za a yi a soke ta, tunda ba a soke lamba sai wata ƙasa da ita ta raba ta.

Inda na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe shi ne 91. A ido kamar firam take, amma 7 × 13 ce. Haka 51, 57 da 87 suke kuɓucewa in an yi gaggawar ƙirgen uku-uku. Maganinsu ka tara alƙaluman: 5 da 7 sun ba da 12, 3 na raba 12, don haka tana raba 57. In ka ƙirga ka samu 26, fara duba 91, sannan ka duba ko ka bar 1 a ciki. In kuwa 21 ka samu, to ka soke 2, 3, 5 da 7 su kansu maimakon ka zagaye su.

Af, ana jingina dabarar ga Eratosthenes, masanin Girkawa da ya shugabanci ɗakin karatu na Iskandariyya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma da sunansa za ka same ta a littafin lissafi.

Sai dai kada ka ɗauka tsayawa a 7 doka ce ta ko'ina. Tana aiki ne har zuwa 120. In malam ya ce ku kai 200, sai ka ƙara 11, wadda za ta soke 121, 143 da 187, sannan 13 ta soke 169. Daga nan ka tsaya, domin 17 × 17 ya kai 289.