Jimlolina duk tsayinsu ɗaya, yaya zan gyara?

Tambaya

Assalamu alaikum, yayyena da ke karatu a waje. Ina rubuta wasiƙar neman gurbin digiri na biyu. Malamin da ya duba mini ya ce babu kuskuren nahawu, amma rubutun yana sa barci domin jimlolin duk tsayinsu ɗaya. Ga sakin layi guda, na mayar da shi Hausa: "Na karanta kimiyyar sinadarai a jami'a kuma na kammala digirina na farko da sakamako mai kyau. Na yi aikin bincikena na ƙarshe a kan gwajin ruwan rijiyoyi 20 a lokacin damina. Na gano cewa ruwan rijiyoyi 7 daga cikinsu yana ɗauke da gubar dalma fiye da ƙima. Na kasa gano tushen gubar saboda ɗakin gwajinmu ba shi da na'urar da ake bukata. Ina so in yi digiri na biyu a sashenku domin in koyi bin sawun gurɓatar ruwa." Ta ina zan fara?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Fara da ƙirga. Ki raba sakin layin, kowace jimla a layinta, ki rubuta adadin kalmominta a gefe. Idan a Word kike aiki, ki danne Ctrl ki latsa cikin jimla, za ta zaɓu gaba ɗaya, adadin kalmominta kuma ya fito a ƙasan allo. Naki ya ba da 16, 15, 16, 15, 16. Tsakanin mafi tsayi da mafi gajarta kalma ɗaya ce tak, kuma ko ba ki ƙirga ba, da kin jera su za ki ga ƙarshen layukan sun daidaita.

Abin da ya sa wannan yake cutar da wasiƙarki ya wuce daɗin kunne. Mai karatu yana amfani da tsawon jimla ya gane abin da ya fi nauyi. Idan ya fito daga doguwar jimla ya faɗa gajera, dole ya ɗan tsaya, kuma abin da ke cikin gajerar shi zai riƙe. A naki, labarin cewa kin gama digiri da labarin cewa kin gano guba a ruwan sha sun sami fili iri ɗaya, kalma 16 kowanne. Kusan duk mai neman gurbin yana da na farko. Na biyun naki ne ke kaɗai, amma kin faɗe shi da muryar da kika faɗi na farko, don haka wanda yake duba wasiƙu masu yawa a zama ɗaya zai iya wucewa ta kansa bai lura ba.

Saboda haka, kafin ki taɓa tsawon kowace jimla, ki tambayi kanki: idan mai karatu zai manta komai a wannan sakin layi ban da abu ɗaya ko biyu, me nake so ya tuna? A nan amsar a fili take. Rijiyoyi 7 suna da guba, kuma binciken bai kai ƙarshe ba. Waɗannan su za su sami gajerun jimloli. Sauran shimfiɗa ce, ita kuwa shimfiɗa ana iya naɗe ta cikin doguwar jimla.

Jimlarki ta ɗaya da ta biyu duk shimfiɗa ce, sai a haɗe su. Amma ba da "kuma" za a haɗa ba, domin "kuma" tana ajiye abubuwa biyu kafaɗa da kafaɗa, ba ta nuna wanda ya fi. A mayar da ƙaramin labarin ya zama rataye a jikin babban, da kalmomi irin "wanda", "bayan da", "lokacin da", "duk da cewa". Sakamakon digiri ya shiga tsakanin waƙafi biyu, gwajin ruwa ya zama ainihin aikin jimlar.

Jimla ta uku yanka take bukata. "Na gano cewa" ta tafi, tunda jimlar baya ta riga ta nuna ke kika yi gwajin. "Ruwan rijiyoyi" da "daga cikinsu" su ma su tafi, an ambace su yanzun nan. Abin da ba zai tafi ba shi ne "fiye da ƙima". Idan kika cire shi jimlar za ta fi kaifi, amma ma'anar ta sauya, domin samun ɓurɓushin abu a ruwa daban ne da samun sa sama da iyakar da aka yarda da ita, kuma malamin sinadarai da zai karanta ya san bambancin. Kada gajarta ta ci gaskiyar magana.

Ga yadda ya koma:

"A shekarata ta ƙarshe ta digirin kimiyyar sinadarai, wanda na kammala da sakamako mai kyau, na ɗebo ruwan rijiyoyi 20 a lokacin damina na gwada shi. Bakwai na ɗauke da gubar dalma fiye da ƙima. Na so in san daga ina gubar take fitowa, amma ɗakin gwajinmu ba shi da na'urar da ake bukata. Binciken ya tsaya nan. Shi ya sa nake neman digiri na biyu a sashenku, in koyi bin sawun gurɓatar ruwa."

Yanzu ƙirgar ta zama 26, 9, 19, 4, 16. Jimloli biyar ne har yanzu, kalmomin kuma sun ragu daga 78 zuwa 74, to kada ki ji tsoron cewa gyaran zai sa ki wuce iyakar da makarantar ta gindaya. Ki lura da wani abu da ya gyaru ba tare da an neme shi ba: a da jimloli huɗu a jere sun fara da "Na", yanzu ɗaya ce kawai. Tsawo iri ɗaya da mafari iri ɗaya yawanci tare suke tafiya, domin dukkansu daga zuba kowane tunani a ƙira ɗaya suke fitowa.

Jimlar nan ta kalma 4, "Binciken ya tsaya nan", ita ce kaɗai sabuwa, kuma ina so ki dube ta da kyau, domin a nan mutane suka fi ɓata aiki. Ta halatta ne saboda tana faɗin abin da ya faru, kuma ita ce take ba jimlar ƙarshe dalili. Da yawa idan aka ce su saka gajeriyar jimla, sai su rubuta "Abin ya girgiza ni" ko "Wannan ya sauya rayuwata". Gajeru ne, amma babu komai a ciki, kuma tunda gajeriyar jimla tana jawo ido, rashin abin cikin nata ya fi fitowa fili fiye da a ce an ɓoye shi a tsakiyar doguwa. Gwajin mai sauƙi ne. Ki goge ta ki sake karantawa. Idan babu labarin da ya ɓace, ki bar ta a goge.

Kuskure na biyu shi ne a mayar da abin ƙa'ida: doguwa, gajera, doguwa, gajera, har ƙarshen shafi. Bayan sakin layi biyu kunne ya koyi tsarin, barcin ya dawo. Na san misalin da ke sama ya bi wannan hawa da sauka, amma dalili shi ne abubuwa biyu ne masu nauyi a cikinsa. Sakin layin da ke biye, wanda wataƙila zai bayyana kwasa-kwasan da kike son ɗauka, zai iya tafiya da matsakaitan jimloli uku ko huɗu ba tare da gajera ko ɗaya ba, kuma babu laifi. A nawa ganin, gajerun jimloli biyu sun ishi sakin layi mai jimla biyar ko shida. Idan suka kai uku a jere a wasiƙar neman karatu, murya takan koma ta mai ba da umarni.

Doguwar jimla ma tana da inda take karyewa. Ki karanta da ƙarfi: idan numfashinki ya ƙare kafin ki kai waƙafi ko aya, ko kika kai ƙarshe kin manta wa yake aikin, ta yi tsayi. Ki kuma bi kowane "shi", "ita" da "wanda" ki tabbatar abu ɗaya kawai zai iya nufi, domin haɗa jimloli biyu yana tara sunaye a wuri ɗaya. Sannan tunda da Turanci za ki aika wasiƙar, ki yi ƙirgar a kan ainihin rubutun Turancin. Hausa tana da ƙananan kalmomi masu yawa irin "na", "ta", "da", don haka lambobin ba za su zo daidai ba. Tazarar da ke tsakaninsu za ki duba.

Amsa ta biyu

Ƙanwata, na yarda da bayanin da ke sama, ƙari ɗaya kawai idan za ki zauna jarrabawar ƙwarewa a Turanci ta IELTS. A aiki na biyu na rubutu ana bukatar aƙalla kalma 250, ana kuma ba da shawarar minti 40, kuma ɗaya daga ma'aunai huɗu da ake duba rubutun da su shi ne yawan nau'o'in ginin jimla tare da daidaitonsu. To cakuɗa gajeru da dogaye yana taimaka miki kai tsaye, amma da sharaɗi biyu.

Gajeriyar jimla ta zama cikakkiya, da mai aiki da aikatau. "Binciken ya tsaya nan" jimla ce. "Babu na'ura, babu sakamako" tana tsayawa da ƙafarta a Hausa, amma idan kika ɗauke ta kalma da kalma zuwa Turanci za ta fito ba aikatau, mai dubawa kuma zai iya ɗaukar ta kuskure. Haka idan za ki haɗa cikakkun jimloli biyu a Turanci, waƙafi kaɗai bai isa ba, sai da kalmar haɗi, ko ki bar ayar a wurinta. Wannan kuskuren ya fi kama masu gaggawar tsawaita jimla.

Ba za ki sami lokacin ƙirga a ɗakin jarrabawa ba. Ki ware minti 3 na ƙarshe ki bi ayoyi da ido. Idan kowace tana faɗowa bayan layi ɗaya da rabi, ki nemo jimlar da ke ɗauke da matsayarki a sakin layin, ki rage ta zuwa ƙasa da layi ɗaya, sannan ki haɗa biyu daga cikin masu ba da dalili. Ki saba da wannan a gida a kan tsofaffin rubuce-rubucenki kafin ranar, domin gyaran da aka fara koyo a minti na 38 yakan bar rabin jimla a rataye.