Somin-taɓi na daƙiƙa talatin: a sayi manhaja ko a biya mai tacewa?

Tambaya: Malam, na kammala bidiyo na minti 22 a kan marinar Ƙofar Mata da ke Kano, ina son in fitar da somin-taɓi na daƙiƙa 30 kafin in sake shi. In yanko farkonsa kawai, ko in sayi manhajar tacewa ta kuɗi, ko kuwa in biya wanda ya tace mini babban bidiyon? Kuɗin hannuna ba su da yawa.

Amsa: Malama, ki ajiye kuɗinki tukuna, kuma kada ki yanko farkon bidiyon. An gina farkon ne domin wanda ya riga ya zauna da niyyar kallo, shi ya sa yakan ɗauki sallama, da suna, da hoton ƙofar gari, da bayanin cewa ana danganta kafuwar marinar da shekarar 1498. Mai kallon somin-taɓi kuwa wucewa yake yi, yatsansa na kan waya, kuma idan abin da ya fara gani sallama ce, zai tafi kafin a kai ga rini.

Aikin farko ba ya buƙatar manhaja ko kaɗan. Ki zauna da takarda da biro, ki kalli bidiyon daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake ba, duk inda wani abu ya sa kika ɗaga ido ki rubuta minti da daƙiƙarsa. Sai ki sake kunna shi, wannan karon ki juya wa allon baya ki saurara kawai, ki rubuta jimlolin da suke tsayuwa da ƙafarsu ko da ba a ji abin da ya gabace su ba. Daga cikin jimlolin nan za ki zaɓi biyu, in sun yi yawa uku, domin daƙiƙa 30 ba sa ɗaukar magana mai yawa, kuma dole a bar wa hoto da sautin wuri nasu rabon. Ina ba da shawarar a fara jera sauti kafin hoto, saboda hoto yana jure a gutsure shi, amma maganar dattijo idan aka yanke ta a tsakiyar numfashi kowane kunne zai ji an yi ɓarna.

A bidiyon marina akwai wani abu da nake fata kin ɗauka da kyau, wato lokacin da marini ya ciro yadi daga rami yana ɗiga, launinsa kore-kore, sannan iska ta buge shi ya riƙa juyawa zuwa shuɗi a gaban ido. Mutane da yawa sun sa rinin baba a jikinsu ba su taɓa ganin wannan ba. Da ni ne ke tace shi, da wannan zan buɗe: daƙiƙa uku na farko hannu ne da ya rine har gwiwa yana ɗago yadi kore, babu kiɗa, sai ƙarar ruwa yana komawa rami. Daga daƙiƙa ta uku zuwa ta goma sha takwas muryar marinin ta shigo da jimla ɗaya mai ƙarfi, misali inda yake faɗin kwanakin da haɗin baba da toka da kanwa yake yi kafin ya nuna, hotuna huɗu ko biyar suna wucewa a kanta. Daga nan zuwa ta ashirin da biyar sai a shiga wurin masu bugu, a bar amon dukan itace ya zama shi ne kiɗan, ana sauya hoto a kan kowane bugu. Daƙiƙa biyar na ƙarshe na suna ne da ranar fitowa da wurin da za a kalla, a rubuce, a tsaye cak, yadda mai karatu a hankali zai gama kafin ya ɓace.

Abin da ba za ki nuna ba shi ne yadin bayan ya gama shuɗewa an shanya shi. Ki yanke a daidai lokacin da launin ya fara juyawa, domin wannan ragowar ita ce za ta kai mutum ga minti 22 ɗin. Amma ki kiyaye amana: kada ki haɗa wata jimla da hoton da ba nata ba don ta yi kama da rigima, domin wanda ya zo neman abin da babu shi zai fita a minti na farko, kuma mutanen da suka ba ki lokacinsu a bakin rami su ma za su gani.

Sai batun tsayi da faɗi, wanda a nan ne mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe. Idan kin ɗauki bidiyon a kwance, a ma'aunin 16:9 mai faɗin ɗigo 1920 da tsayi 1080, kuma kina son somin-taɓi a tsaye na 9:16 domin waya, abin da zai rage miki daga faɗin kusan ɗigo 608 ne kawai, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Hoton da ya nuna jerin ramuka da mutane shida zai koma kafaɗar mutum ɗaya, hoton hannu ko fuska kuwa zai tsira lafiya. Saboda haka ki fifita hotunan kusa, ki gyara wurin yankan kowane hoto shi kaɗai, kuma rubutun maganar da za ki sa domin masu kallo ba sauti ki ɗaga shi daga can ƙasa, inda maɓallan manhajoji suke rufewa.

Duk wannan manhajojin kyauta suna iya yi. CapCut a waya ya wadatar, DaVinci Resolve kuma yana da nau'in kyauta idan kina da kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Kafin ki ɓata yini guda, ki fitar da gwaji na daƙiƙa biyar ki duba ko manhajar tana manna tambarinta a kan hoto, ko tana neman kuɗi a kan wani ado da kika taɓa. Idan har tambarin ba ya cirewa sai da biya, kuɗin wata ɗaya ya isa, ba na shekara ba, ki kuma tuna ki soke shi kafin ya sabunta kansa.

Inda mai tacewa ya cancanci kuɗinki wuri ɗaya ne. A bidiyon da aka kammala, murya da kiɗa sun riga sun cakuɗe, don haka idan kika yanko jimla daga minti na 6 kika haɗa ta da wata daga minti na 17, kiɗan da ke ƙarƙashinsu zai riƙa tsalle a kowace mahaɗa. Ki roƙe shi ya fitar miki da kwafi marar kiɗa da marar rubutu daga asalin aikin, ya ba ki a filas ko katin ajiya, domin kwafin da ya bi ta manhajar hira an matse shi, kuma shuɗi mai duhu yakan farfashe ya zama dabbare-dabbare idan aka sake matsewa. Wannan aikin ɗan lokaci ne gare shi, bai kamata ya kai kuɗin sabuwar tacewa ba.

Idan kin gama, ki miƙa wayar ga wanda bai san aikin ba, ki kashe sauti, kada ki yi masa bayani. Bayan ya kalla sau ɗaya ki tambaye shi abu biyu: a kan me bidiyon yake, kuma a ina zai same shi. Idan ya kasa amsa ta farko, ki sauya hoton buɗewa. Idan ta biyu ce ta gagare shi, ki ƙara wa allon ƙarshe daƙiƙa ɗaya ko biyu, ki rage su daga wurin masu bugu.