Hukuncin yanko gutsuren bidiyon wani a saka cikin sharhin labarai

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina zaune a Fagge, ina da tasha a YouTube inda nake sharhin labarai da Hausa, kuma ina samun ɗan abin cefane daga kuɗin talla. A wani shiri da na yi kan gobarar da ta tashi a wata kasuwa, na saka gutsure biyu. Na farko sakan 40 ne daga hirar minti 6 da wani gidan talabijin ya yi da wani jami'i. Na biyu sakan 25 ne daga bidiyon sakan 30 da wani matashi ya ɗauka da wayarsa, na same shi a WhatsApp, na rufe sunansa da tambarin tashata. Abokaina sun ce duk abin da bai kai sakan 30 ba halal ne, kuma ambaton mai abu ya wadatar. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin abin ya zama maka ɗabi'a. Maganar sakan 30 ba ta da tushe a Shari'a, ba ta kuma da tushe a dokar ƙasa. A cikin gutsuren nan biyu, wanda ka ɗauka ya fi sauƙi saboda gajartarsa shi ne ya fi nauyi.

Asalin mas'alar shi ne bidiyo dukiya ce ta wanda ya ɗauke shi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a shekarar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ta kare, bai halatta a ta'adda musu ba. Allah Maɗaukaki kuma ya hana mu cin dukiyar juna da ɓarna a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i. Sai dai malamai ba su taɓa hana a ciro maganar wani domin a yi mata bayani ko raddi ba, littattafanmu cike suke da hakan. Saboda haka abin dubawa shi ne inda naƙali ya ƙare da inda ɗaukar kayan mutane ya fara.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bi hanya mai kama da wannan. Ta yarda a yi amfani da aikin wani gwargwadon adalci domin sharhi, ko suka, ko ba da rahoton abin da ke faruwa, da sharaɗin a ambaci aikin da mai shi idan hakan zai yiwu. Ma'aunin da ta kafa shi ne a duba manufar amfanin, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗauka da muhimmancinsa idan aka gwada da dukan aikin, da kuma illar da hakan zai yi wa kasuwar mai shi. Babu adadin sakan a ciki.

To, mu auna gutsurenka na farko. Sakan 40 daga cikin sakan 360 kashi ɗaya ne bisa tara. Idan ka kunna maganar jami'in ne, ka tsayar, ka ce ga abin da ya faɗa game da lokacin da motar kashe gobara ta iso, ga kuma abin da 'yan kasuwa suka shaida, to gutsuren hujja ce ga sharhinka, kuma mai son jin hirar duka dole ya koma gidan talabijin ɗin. Wannan ina ganin halaccinsa, matuƙar ka bar tambarinsu a inda yake, ka ambace su, kuma ba ka yanke maganar ta yadda ma'anarta za ta juya ba, domin yanke rabin jimla a jingina wa mutum ƙarya ce aka yi masa da muryarsa. Amma da ka jera hotunansu ne kawai su riƙa wucewa kana magana a kan wani abu dabam domin shirin ya yi kyau, da hukuncin ya canja, saboda a lokacin ado ka yi da kayan mutane.

Na biyu kuwa, ka ɗauki sakan 25 daga cikin 30, wato kusan dukan aikin, kuma ba shakka wurin da wuta ta kama rufin rumfuna ka zaɓa, wanda shi ne zuciyar bidiyon. Yaron nan ya tsaya cikin hayaƙi, ya ɗaga wayarsa mutane suna ture shi, ya samo abin da wani bai samu ba, kuma yana iya sayar da shi ga gidan labarai ko ya tara masu kallo a shafinsa. Wanda ya kalla a wurinka ba shi da sauran buƙatar zuwa wurinsa. Yawon da bidiyon ya yi a WhatsApp bai fitar da shi daga mallakarsa ba, kamar yadda akuyar da ta shiga lungu ba ta zama ta mutanen lungu. Wannan bai halatta ba sai da izininsa. Rufe sunansa da tambarinka kuma laifi ne na biyu mai zaman kansa, domin ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kamanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufa biyu na ƙarya.

A nan ne abokanka suka haɗa haƙƙi biyu suka mayar da su ɗaya. Ambaton mai abu haƙƙin gaskiya ne da amana, izini kuwa haƙƙin dukiya ne, kuma sauke ɗaya ba ya sauke ɗayan. Wanda ya hau babur ɗin maƙwabcinsa ba da saninsa ba, yana tafe yana shelar cewa na wane ne, bai fita daga laifi ba. Ambaton da ya cika shi ne ka faɗi sunan mai bidiyon da bakinka, ka rubuta shi a kan hoton lokacin da yake wucewa, ka saka adireshin asalinsa a ƙasan shirin, tare da ranar da aka ɗauka da wurin. Rubuta cewa an samo daga soshiyal midiya ba ambato ba ne. Ina nanata maganar rana da wuri saboda sau da yawa akan dawo da bidiyon tsohuwar gobara ko na wata ƙasa a ce yau ne a Kano, hankalin masu shaguna ya tashi a banza, alhali aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike. Malamin hadisi Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi, wato ambaton waɗanda aka ji magana daga wurinsu, yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Ta fuskar tasharka, manhajar Content ID, wadda YouTube ke amfani da ita wajen gano kayan masu haƙƙi a cikin bidiyo, tana iya gano gutsuren manyan gidajen labarai ko da gajere ne, sai a toshe shirin ko a karkatar da kuɗin tallarsa ga mai haƙƙi. Idan kuma mai haƙƙi ya nemi a sauke shirin, za a rubuta maka gargaɗi, uku cikin kwana 90 suna iya rufe tashar. Ka amince da waɗannan sharuɗɗa ranar da ka buɗe ta, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu. Kada shirun manhajar game da bidiyon yaron ya ruɗe ka, galibi irinsa ba su da rajista a cikinta, haƙƙinsa kuma yana nan.

Abin da ya wajaba a kanka shi ne ka cire gutsure na biyu ko ka ɓoye shirin yanzu, ka nemi yaron ta sunan da ka rufe, ka gaya masa abin da ka yi da abin da shirin ya kawo, ka nemi yafiyarsa ko ku daidaita a kan wani kaso. Idan ya yarda ka ci gaba da amfani da shi, ka karɓi izinin a rubuce ka ajiye, ka mayar da sunansa. Idan ka yi iya ƙoƙarinka ba ka same shi ba, ka ƙiyasta rabonsa ka yi masa sadaka da shi, kada kuma ka mayar da gutsuren. Allah ne mafi sani.